Tikiti Goma Sha Biyu

Tikiti goma sha biyu suka rage wa Dogo a shafin neman aiki na intanet. Sana'arsa zanen tambarin kamfanoni, kuma a shafin nan ba ka miƙa takardar neman aiki sai ka ba da tikiti. A ɗauke ka ko kada a ɗauke ka, sun tafi. Ya riga ya yi wa matarsa alkawari: in waɗannan suka ƙare ba aiki, Litinin zai koma shagon buga takardu na yayanta, inda ake aikensa sayo tawada.

Yana zaune a shagon yadinta, kwamfuta bisa cinya, ayyuka biyu sun tsaya masa a rai. Na farko tikiti goma sha biyu, lada mai tsoka, mai aikin sai zuba kirari yake, wai gwanin gwanaye yake nema. Na biyu tikiti takwas, tambarin gidan burodi, mutum huɗu kacal suka nema.

“Karanto min halinsu,” in ji matar, tana auna yadi.

“Na farkon ya sa talla sau goma sha huɗu, bai taɓa ɗaukar kowa ba. Shafin ma bai tantance katinsa na biya ba.”

“Ɗan kallo ne. Irinsu kullum sai sun sa na sauke rabin shago. Ɗayan fa?”

“Talla goma, ya ɗauki tara. Amma masifaffe ne. Ji fa: ban son ja, ban son hoton alkama, wanda ya zana min a baya ba ya saurara.”

“To me kake jira, Baban Yara? Wanda ya san abin da ba ya so, da kuɗinsa ya fito.”

Dogo ya sosa ƙeya. In ya ba da takwas, huɗun da suka rage wa za su ishe? In kuma mai babban aikin nan yau ne ranar da zai fara ɗauka fa? Ya rubuta takarda, ya goge. Ya leƙa wurin tela maƙwabcinsu, tela ya ce namiji babba yake hari. Ya dawo, kansa ya ƙara ɗaurewa. Da ya duba, masu neman na burodin sun haura ashirin.

“Kin gani? Yanzu kuma an yi yawa.”

“Da kai ne na biyar ai, malam mai shawara!”

Bayan la'asar ya yi ta maza zai aika wa gidan burodin. Shafin ya nuna: an ɗauki mutum ɗaya, an rufe.

Ya daɗe yana kallon tikitinsa, goma sha biyu cif, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba, amma ji yake kamar an yanke masa aljihu.

“To yanzu,” ya ce a hankali, “Litinin ɗin zan je ne, ko ba zan je ba? Ai ba su ƙare ba.”

Ta ninke yadin. “Ni ma abin da nake tunanin gaya wa Yaya ke nan.”