Layi na Farko

Takardar sallama daga rundunar tsaro ta jandarmari. Lasisin tuƙi. Hoto. Tsohuwar CV da ya buga da kansa. Su ke nan cikin jakar da ke rataye a wuyan Shitu lokacin da ya ratsa unguwar Dapoya a kan moto, babur ɗinsa, ya shiga Zongo.

Ya tsaya a shagon Madina, 'yar ƙanwarsa, mai buga wa mutane takardu. Wani kamfanin sufuri na neman mai kula da motocinsa, ranar kuma za a rufe karɓar takardu.

Madina ta karanta layi na farko na CV ɗin da ƙarfi. "Maréchal des logis-chef. Kawu, me suka ce maka a wurin da ka kai ta?"

"Matar da ta karɓa ta ga logis, wato gida, ta ce ashe gidaje nake gadi. Ta ba ni aikin maigadi."

"Wannan muƙamin fa, mene ne shi?"

"Daidai da sergent-chef, babban saje na soja. Babu ruwansa da gida."

"To ita ina ta sani? Da safe in ka isa bariki, me kake yi?"

"In duba wace mota ce lafiya. In raba wa direbobi hanya. In sa hannu a takardar mai. In mota ta lalace in tura ta gareji, in bi ta har ta fito."

"Chef de parc automobile," in ji ta, wato shugaban kula da motoci, tana bugawa. "Zan sa yawan motocin da na direbobin. Jandarmari ta koma ƙasa, a matsayin wurin aiki. Sunayen wuraren da aka tura ku ba za su shiga ba."

"Galon fa, igiyar muƙamina? Da gumi na same shi."

"Ba galon za su ɗauka aiki ba, Kawu."

Ana haka Rasmane ya leƙo. Tare da Shitu suka shiga jandarmari, yanzu yana da kamfanin masu gadi a unguwar Ouidi.

"Shef, na ga motonka. Har yanzu wasiƙun soyayya kake rubuta wa farar hula?"

"Sun fi naka kyau."

"Bar wahala. Akwai ƙofar wani kanti, na ajiye maka. Riga, sanda, kujera. Duk wanda ya tuɓe kaki, ƙofa ce ƙarshensa. Abin da suka san mu da shi ke nan."

Shitu ya juya ga allon kwamfutar. Ya karanta sabon layin a hankali, leɓɓansa na motsi.

"Madina, wannan ƙarya ce?"

"Kai ka faɗa da bakinka."

"Ƙara cewa ni nake koya wa sababbin direbobi. Galon kuma, share shi."

Rasmane ya yi dariya. "In ba su kira ka ba fa?"

Shitu ya tashi, ya kama hannunsa ya fitar da shi bakin titi.

"Sai in kai wa wasu. Ka gaida gida."

Ya maida ƙofa ya rufe.

"Buga," ya ce wa Madina. "Ba zan yi gadin ƙofar kowa ba."