Izzuddeen Ya Bar Karatun Likita

Tun Izzuddeen yana aji ɗaya na babbar sakandare, ranar da aka sa shi ajin kimiyya, mutanen gidansu suka daina kiran sunansa. Dakta suke cewa. Mahaifinsa Alhaji Dabo, dillalin albasa a kasuwar Illela, shi ya fara, kowa ya ɗauka. Lokacin cike JAMB ma tare suka je shagon kwamfuta, Alhaji ya tsaya a kansa har aka zaɓi likitanci. Makinsa ya kai, ya ci jarrabawar tantancewa, jami'a a Sakkwato ta ɗauke shi.

Shekarar farko ba ta ba shi wahala ba, don kimiyyar da ya saba ce aka faɗaɗa. Da aka shiga ta biyu abin ya canza. Kullum sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, da ɗakin da ake feɗe gawa, warin maganin da ake adana ta yana sa idonsa hawaye. Abokansa suna rububin wanda zai riƙe wuƙa, shi kuwa hankalinsa yana Kalmalo, gonar kawunsa, inda yake yin hutu. Abin da ya dame shi tun yana yaro shi ne yadda albasa take ruɓewa a rudu, rumfar karan da ake adana ta, kafin kasuwa ta yi kyau, da dalilin da ya sa ta wani manomin take daɗewa ta wani ta lalace da wuri. A kan wannan yana iya wuni yana karatu a waya bai gaji ba.

A shekara ta uku aka yi babbar jarrabawar farko ta likitanci, wadda sai an haye ta ake fara shiga asibiti. Ya ci darussa biyu, ya faɗi na sanin sassan jiki. Ya je wurin malamar da ke kula da ajinsu, Dakta Mahbuba, ta ce yana da damar sake rubuta wanda ya faɗi. In ya sake faɗi zai maimaita shekara, daga nan kuma sai sallama. Sai ya tambaye ta yadda ake komawa sashen noma.

"Ana yi," in ji ta. "Sashenmu ya sake ka, nasu ya yarda ya karɓe ka bisa sakamakonka na shekarar farko, sannan majalisar jami'a ta amince. Amma aji biyu za ka koma, kuma nasu karatun shekara biyar ne. Faɗuwa ce ta tsorata ka, ko dama ba ka so?"

"Dama ba na so."

"To an sani a gida?"

Ba a sani ba. Shi ya sa ya hau mota zuwa Illela.

Yayansa Bashar ya fara samu, a bakin kasuwa, yana tsaye ana loda buhuna a motar da za ta tsallaka Konni. Bashar ya fi shi ƙoƙari a makaranta, kowa ya san haka, kuma shi ne ya so likitancin da gaske. Shekarar da zai rubuta JAMB ciwon suga ya kwantar da Alhaji, ƙafarsa ta yi gyambo, dole wani ya riƙe kasuwa. Bashar ya riƙe, bai koma ba. Duk wata shi yake turo wa Izzuddeen abin da zai ci, wani lokaci ya kira shi don kawai ya ji abin da aka koya musu.

Izzuddeen ya faɗa masa komai, idonsa a ƙasa. Bashar ya daɗe yana kallon masu lodi.

"Tun yaushe?"

"Tun farko, Yaya."

"Kuma duk kiran da nika yi maka, kana ba ni labarin zuciya da huhu kamar kana jin daɗi?"

"Na ga kai kana jin daɗi ne."

Bashar ya share gumi da hularsa. Bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi yi wa Izzuddeen ciwo. Ya ce kawai, "Kai za ka hwaɗa wa Baba. Ni ba ni shiga."

Bayan la'asar Alhaji yana zaure, ƙafar a miƙe kan matashi. Yana ganinsa ya ɗago ledar magungunansa. "Dakta, zo ka duba min wanga da anka canza min, in ji ko daidai ne."

Izzuddeen ya durƙusa, ya karɓi ledar bai buɗe ba. "Baba, ni ban kai nan ba. Kuma ina jin ba zan kai ba."

Ya yi bayanin faɗuwar, da sake rubutawa, da sashen noma. Bai tsallake komai ba.

"Noma," Alhaji ya maimaita. "Mi munka rasa na noma? Kakanka da fartanya ya mutu. Na kwanta asibiti na ga yadda mutum ka wuni a layi don likita guda. A nan niy yi alkawari gidan ga sai ya fid da likita. Na hana ɗaya don in ba ɗaya." Ya nuna hanyar kasuwa da haɓarsa. "Ka san wanda na hana."

"Na sani, Baba."

Daga cikin gida ana jin Inna Hadijatu, mahaifiyarsa, tana faɗa wa wata maƙwabciya cewa Dakta ya zo hutu.

Kwanakin da suka biyo baya Alhaji yana amsa gaisuwarsa, ba ƙari. Inna ta yi kuka, ta ce ya daure ko don bakin mutane. Sau da yawa ya kusa cewa ya fasa. Sai ya tuna shekarun asibiti da ke gaba, da marar lafiyar da wata rana zai kwanta a gaban likitan da hankalinsa ke wani wuri, ya haɗiye maganar.

Ranar da zai koma Alhaji ya kira shi.

"Ba ni tilasta ka ka riƙe ran mutane in ba ka so. Amma ba ka barin likitancin nan da faɗuwa. Ka koma ka ci wanda ya kada kai. In ka ci kuma zuciyarka tana inda take, ka tafi nomanka. Ban ce na ji daɗi ba."

Izzuddeen ya koma ya yi karatu irin wanda bai taɓa yi ba, ya ci. Dakta Mahbuba ta sake tambayarsa ko yana nan a kan bakansa, tunda yanzu hanya ta buɗe. Ya ce yana nan. Ta sa hannu, sashen noma ya karɓe shi, amincewar majalisa ta fito ana dab da sabon zango.

Ya zauna aji ɗaya da yaran da ya girme. A makon farko aka kai su gonar gwaji, malami ya sa kowa ya jiƙa ƙasa ya murza a tafinsa, ya faɗi ko yashi ya fi yawa ko laka. Izzuddeen ya faɗi nasa daidai, ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji, nan take kuma kunya ta biyo baya. Da aka tashi ya wanke hannu ya kira gida. Alhaji ya ɗauka, ya tambayi lafiyarsa, ya ce Allah ya taimaka, sannan ya ce ga innarka.