Wasiƙar da Godiya Ta Cinye

Rediyo ake ce masa saboda bakinsa ba ya hutawa. Ranar nan da gudu ya faɗo shagon buga takardu na yayarsa, har ya ture fanka.

"Yaya, aiki biyu! Sati ɗaya! Ni da ko gaisuwata ba a amsawa!"

Otal ya ɗauke shi mai gyaran wuta, kamfanin sola ma ya ɗauke shi, har ya sa hannu a takardarsu. Matsalar ɗaya ce: Kawu ne ya kai shi wurin manajar otal ɗin, ya ce "ɗana ne." Idan ya ɓata, fuskar Kawu ya ɓata.

"Ka sanar da otal ba za ka zo ba?" in ji Yaya.

"Tun safe na tura imel. Ke, rubutu ne na manya. Godiya layi goma sha biyu!"

Wayarsa ta yi ƙara. Ya buɗe da yanga, sai murmushin ya daskare. Manaja ce: "Madalla da wannan saƙo. Sai mun gan ka Litinin, ƙarfe takwas."

Yaya ta fizge wayar ta karanta abin da ya tura. Ta yi dariya har da riƙe tebur.

"Ka gode mata, ka gode wa masu gadi, ka yaba fentin ofis. To, ina 'ba zan zo ba' ɗin?"

"Yana ciki mana! A fakaice."

"A fakaicen gidanku. Zauna."

Ya ja kujera gaban kwamfuta. Ya fara da "Kaico," ta goge. Ya ce zai rubuta ba shi da lafiya, ta make masa ƙeya.

"Ƙarya kuma? Gobe ta gan ka bisa rufin mutane kana ɗaura sola?"

A ƙarshe ga abin da ya fito:

"Ranki ya daɗe, na gode ƙwarai da tayin aikin mai gyaran wuta, da lokacin da kika ba ni. Ki gafarce ni, saƙona na safe bai fito fili ba: ba zan iya karɓar aikin ba, domin na karɓi wani da ya fi dacewa da abin da na karanta. Na sanar yau ne don ku samu damar ɗaukar wani. Na ji daɗin haɗuwa da ku, ina fatan zumunci zai ɗore."

Ya runtse ido ya danna. Ya zaga shagon sau bakwai, ya hana kwastoma biyu sakat da labari.

Waya ta sake ƙara.

"Na gode da ka faɗa da wuri. Allah ya sa albarka. Ka gaida kawunka, ka ce ya turo min wani irinka."

Rediyo ya daka tsalle, ya kira Kawu nan take.

"Kawu, albishirinka! Na ƙi aikinka, kuma an yabe ka!"