Wa Zai Kawo Ruwa?

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin gini a ƙarƙashin maigidana kafin na samu kwangilar kaina: gida mai hawa ɗaya na wani likita. Mun kafa katako, mun ɗaure rodi, saura zuba dekin, wato rufin kankare. Shi dekin ba ya son tsayawa. In aka fara sai an kai ƙarshe, in ba haka ba mahaɗar ta yi rauni, ruwan sama ya same ta, sunan magini ya ɓaci. Ni kuwa a lokacin ba ni da komai sai sunan.

Ranar Alhamis da yamma na biya gidan Yaya, babbar yayarmu, in gaishe ta. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a ofis, har idonta ya raunana ta ajiye aiki. Ta ji ina ta latsa waya.

"Auta, gaisuwa ka zo ko danne-danne?"

Na ce saƙo ne zan tura wa mutum uku: mai kayan gini, mai injin kwaɓa kankare, da shugaban leburori.

"Karanta mini kafin ka tura."

Raina bai so ba. Mutum da furfura a gemu, a ce sai an duba masa rubutu kamar ɗan firamare. Amma wa ya isa ya musa wa Yaya? Na karanta: "Za a zuba dekin ranar Asabar mai zuwa da safe. A kawo siminti isasshe, yashi tifa biyu, tsakuwa tifa uku. A tanadi ruwa."

Ta gyara zama a kan kujerarta ta roba, ta lumshe ido.

"To, ni ce mai injin. Yau Alhamis. Jibi zan zo, ko ta makon gobe?"

"Ta makon gobe mana, sha huɗu ga wata."

"A kanka take, ba a takarda ba. Rubuta, har da ƙarfe nawa. Yanzu ni ce mai kaya. Isasshe buhu nawa ne?"

"Ɗari da ashirin."

"Da na kawo tamanin in ce a ganina ya isa. Tifar kuma, babba ko ƙarama?"

Na rubuta mai taya goma, na ƙara da cewa kaya su sauka ranar Juma'a, sha uku ga wata. Na fara jin kunya, na kuma ƙagu in tashi.

"Saura ruwa," in ji ta. "Wa zai tanada?"

"Ai kowa ya sani, mai injin ne."

"Shi ya gaya maka?"

"Yaya, shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Kullum in injin ya iso, tankar ruwa tana bayansa."

"Ban ƙi ba. Kira shi, ai tambaya ba ta ɓata zumunci."

Na kira shi don kawai in rufe mata baki, har na sa wayar a fili ta ji. Mai injin ya yi dariya.

"Ruwa kuma? Ni ban taɓa kawo ruwa ba, malam. Maigidanka ne yake kiran mai tanka da kansa. Na ɗauka kai ma haka za ka yi."

Durom huɗu kawai gare ni a wurin aikin, ba rijiya, ba famfo. Da hantsi zai yi sun ƙare, a bar leburori ashirin riƙe da kwanuka, rabin dekin yana bushewa a gaban likita. Ashe duk shekarun nan ruwan ba da ƙafarsa yake zuwa ba.

Yaya ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, kuma har gobe ina gode mata a kan wannan. Cewa ta yi, "Duk inda ka rubuta 'a yi', ka tsaya ka nemi mai yin. Aikin kowa aikin babu kowa ne."

Nan take na samu mai tanka, muka tsayar da magana, na gyara layin ƙarshe: "Ni zan kawo ruwa, tanka biyu, ta farko ƙarfe shida na safe." Na sake karanta mata daga farko, sannan ta ce in tura.

Ranar sha huɗu muka fara ƙarfe bakwai, injin bai huta ba sai da muka kai ƙarshe da la'asar. Likita ya hau tsani ya duba, ya ce akwai wani filin nasa da za mu yi magana a kai.

Ko wanka ban yi ba na wuce wurinta, siminti har a gashin ido. Na durƙusa na ce, "Yaya, kin fitar da ni kunya. Allah ya saka da alheri."

Ta murza bakin mayafinta.

"Ni ce da godiya, Auta. Shekara uku ke nan ba wanda ya ce in duba masa ko layi ɗaya."

Sai na ciro waya. "To ga wani, na leburori ne. 'Daga gobe a riƙa ba dekin ruwa safe da yamma, har kwana bakwai.'"

Ta lumshe ido, ta gyara zama.

"Wa?" in ji ta.