Kalma Tamanin a Littafin Taro

Likita tana durƙushe tana gyara wa wani dattijo zaman ƙafarsa tsakanin ƙarafunan nan biyu da ake dafawa a koyi tafiya, sai wayarta ta ɗauki ƙara a aljihun riga. Ba ta ɗauka ba sai da dattijon ya kai ƙarshen ƙarafunan, 'yarsa tana riƙe da ƙugunsa kamar yadda aka koya mata. Likitar gashin ƙashi ce, kuma wannan gida mai ɗaki uku da falo shi ne cibiyarta, inda ake kawo masu shanyewar ɓarin jiki bayan asibiti ya sallame su.

Mai kiran sakatariyar taron likitoci ce, taron da aka gayyaci Likita ta gabatar da maƙala a watan gobe.

"Ranki ya daɗe, mun ga tarihin da kika turo na littafin taro," in ji ta. "Ya yi kyau, sai dai ba zai shiga ba. Kalma tamanin muke so, naki ya haura ɗari uku. Kuma kin rubuta 'na yi, na je'. Mu kuwa so muke ya zama kamar wani ne yake ba da labarinki, 'ta yi, ta je', don shi shugaban zama zai karanta in zai gabatar da ke."

"To godiyar da na yi wa malamaina fa?"

"Ki bar ta sai kin hau mumbari. A nan suna, muƙami, wurin aiki, fanni, sai abin da ya shafi maƙalarki. Jibi za mu kai wa masu ɗab'i."

Da rana ta yi, aka samu sararin marasa lafiya, Likita ta shiga ɗan ofishinta, ta ture sandunan dogarawa da aka jingina da teburi, ta buɗe kwamfuta. Ta ɗauka aikin minti kaɗan ne. Ta bi duk wani "na" ta mayar da shi "ta", ta karanta. "An haife ta, ta yi karatu, ta yi aiki." Kai ka ce sanarwar rasuwa ce, saura kawai a ce ta bar 'ya'ya kaza. Ta goge. Ta sake farawa da "ƙwararriya ce", hannunta ya ƙi gaba. Tun suna yara mahaifiyarsu take ce musu yabon kai jahilci, ga shi yau an ce ta yabi kanta, kuma da bakin wani.

Ta kira ƙanwarta, autarsu, wadda take gabatar da shirye-shirye a gidan rediyo. Bayan la'asar sai ga Auta ta faɗo da jaka a kafaɗa da ƙamshin turare.

"Yaya, wai ɗan wannan ne ya hana ki cin abinci? Matsa ki ga aiki."

Ta ja kujera ta hau bugawa, kafin ka ce kwabo ta gama. Ta miƙe, ta gyara murya irin ta aiki.

"Shahararriyar likita, gwarzuwar da ta sadaukar da rayuwarta, wadda dubban al'umma..."

"Tsaya. Dubban wa? Ke kika ƙirga su?"

"Haba Yaya, ai haka ake yi."

"A rediyo ba. Waɗanda za su karanta wannan abokan karatuna ne. Akwai wadda ta ga ranar da na suma a ɗakin gawa muna ajin farko. Ita zan ce wa ni gwarzuwa ce?"

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta natsu ta ce, "To ji nan. In zan gabatar da baƙo a shiri, ba na tambayarsa yadda yake jin kansa. Cewa nake yi, me kake yi yanzu, a ina, tun yaushe, me ya kawo ka. Ki ɗauka wata ce can, kina rubuta mata takardar turawa wani asibiti. Kin taɓa sa 'gwarzo' a takardar majiyyaci?"

Wannan magana ta shige ta. Takardar turawa kam ta rubuta ba adadi, kuma ba ta taɓa jin kunyar ko ɗaya ba, don abin da yake nan shi ake rubutawa. Ta karɓi kujerarta. Ta sa sunanta a farko, ta rubuta "likitar gashin ƙashi ce", da ta zo kan wurin aikin da za ta rubuta sai ta tsaya.

Nan ne gizo yake saƙa. A tsohon rubutun ta cika layi biyar da asibitin koyarwa, inda ta yi shekara goma sha ɗaya, cibiyarta kuwa sai can ƙasa ta ambace ta a gurguje, kamar mai ɓoye ɗan da bai yi wanka ba. Ta san dalili. Da ta ajiye aikin asibitin ta kama hayar wannan gida, mutane da yawa sun ce ta yi wauta, kuma har yau in ta haɗu da tsofaffin abokan aiki sai su tambaye ta cikin tausayi, "Ya ɗan wurin naki?"

Ba ta yanke shawara ba har Auta ta tafi.

Washegari da hantsi Farfesa ya kira. Shi ne tsohon shugaban sashensu, shi ya koyar da ita, kuma yana cikin kwamitin taron. Ta miƙe tsaye ta amsa, ko da yake ba ya ganinta.

"'Yata, an ce min an dawo miki da tarihinki. Kada ki wahalar da kanki. Ki sa malama mai ziyara a sashenmu, ni zan tsaya miki. Manyan baƙi za su zo, kuma kin san mutane, wurin aiki suke fara dubawa kafin su zaɓi zauren da za su shiga. Wa ya san cibiyar nan taki?"

Ta san ba da mugunta ya faɗa ba. So yake zaurenta ya cika. Kuma gaskiya ya faɗa, zama uku ake yi a lokaci guda, mutum littafin yake dubawa ya ga inda zai nufa. Ta leƙa falo ta ƙofar ofis. Wani magidanci yana koyon yadda zai tayar da matarsa daga kujera ba tare da ya ja mata hannun da ya shanye ba, ma'aikaciyar jinya tana gyara masa tsayuwa.

"Allah ya ƙara girma, Farfesa," ta ce. "Na gode ƙwarai. Amma rabona da shiga aji a sashen tun da na bar aiki. In aka karanta haka a gaban waɗanda suke koyarwar, ina zan sa fuskata? Kuma duk abin da ke cikin maƙalar nan a gidan nan aka yi shi. In wani ya ji ya gamsu, yana son ya zo ya gani, ina zai neme ni?"

"Zaurenki zai iya zama fayau, fa."

"Ko mutum goma ne, Farfesa, na gode Allah. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Ya yi 'yar dariya. "Taurin kan nan dai yana nan. To ki sa shekarunki na wurinmu, wannan kam haƙƙinki ne. Kuma kada ki manta digirinki na biyu, ni na sha wahalar duba shi."

Tana ajiye wayar ta zauna. Wannan karon cibiyar ta sa a jimlar farko. Ta rubuta duk abin da take ganin ya kamata, ta duba ƙasan allo inda kwamfuta take nuna adadin kalmomi: ɗari da ashirin da wani abu. Sai ta shiga yanka. Makarantar da ta yi digirin farko ta tafi. Kwasa-kwasan da ta halarta suka bi bayanta. Ƙungiyoyin da take ciki, su ma. Akwai lambar yabo da aka ba ta tana sabuwar ma'aikaciya, wadda har yau tana rataye a ɗakin mahaifiyarsu. Ta daɗe tana kallon layin, ta tambayi kanta ko yana da alaƙa da maƙalar, ta ga babu, ta goge shi tana cije leɓe. Aka ƙwanƙwasa aka ce an kawo sabon majiyyaci, ta je ta duba shi, ta dawo ta ci gaba.

Kafin azahar ta kira Auta ta karanta mata. Bayan sunanta, ga abin da ya biyo:

"...likitar gashin ƙashi ce, kuma ita ce ta kafa Cibiyar Taka Sannu take kuma shugabantarta, inda ake kula da masu shanyewar ɓarin jiki bayan an sallame su daga asibiti. Ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a asibitin koyarwa kafin ta buɗe cibiyar. Tana da digiri na biyu a fannin farfaɗo da masu lalurar jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Aikinta ya fi karkata ga horar da 'yan uwan majiyyaci su ci gaba da motsa jikinsa a gida."

"Ba gishiri ko kaɗan," in ji Auta. "Amma wallahi, Yaya, in ni ce zan so in ji matar nan. Nawa ya kama?"

"Da kaɗan bai cika tamanin ba."

"To cike da 'gwarzuwa' mana."

"Allah ya shirye ki," Likita ta ce, ta tura wa sakatariya.

Ranar taro aka ba ta ƙaramin zaure a ƙarshen baranda. Maganar Farfesa ba ta faɗi ƙasa ba, kujerun baya duk babu kowa, ana jiyo tafi daga babban zaure. Shugaban zaman ya buɗe littafin ya karanta tarihinta tiryan-tiryan, ita kuwa tana zaune tana sauraro, ba ta sunkuyar da kai ba, don babu kalmar da za a tambaye ta a kai ta rasa amsa. Ta tashi ta yi maganarta. Waɗanda suka zo ɗin masu neman abin ne, tambayoyi suka yi ta zuwa har shugaban ya nuna agogo.

A bakin ƙofa wata mata mai gilashi ta tare ta, littafin taron a hannunta, ta sa yatsa a shafin. Ta ce ita ce shugabar ma'aikatan jinya a wani asibiti, kuma kullum suna sallamar irin waɗannan marasa lafiya, bayan wata biyu a dawo da su gaɓoɓi sun sandare.

"Da na ga an rubuta 'bayan an sallame su', na ce nan zan shiga. Za ki yarda in turo miki mutanena su ga yadda kuke koya wa dangi?"

"Su nawa ne?"

"Za su kai goma sha biyu."

Likita ta tuna falonta da gadajen gashi biyu da suka cinye rabinsa.

"Ki raba su gida uku," ta ce. "Kuma ki gaya musu su sa takalmi maras tsini, don ba kallo za su zo yi ba. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga mutum."

Matar ta ciro biro, suka jingina da bango suna neman ranar da za ta yi musu daidai.