Hoton Ƙarshe na Malam Wada

Hafizu mai ɗaukar hoto ne a Tudun Wada. Tun da idanunsa suka fara zafi, ya saita kwamfutarsa ta riƙa rage hasken shuɗi da kanta da zarar rana ta faɗi, sai fuskarta ta koma ruwan ɗorawa.

Kwana uku da rasuwar mahaifinsa, Malam Wada, yayarsa Shamsiyya ta zo daga Yako ta ce a wanke hoton Baba na ƙarshe a raba wa dangi. Bayan magariba ya zauna gyarawa. Sai ya ga farar rigar Baba ta yi ɗorawa, ya yi ta ƙara mata shuɗi har ta yi masa daidai. Bai ji komai ba, hannunsa kawai ke aiki.

Da safe hotunan suka fito, rigar ta yi shuɗi-shuɗi, fuskar Baba ta dusashe. Shamsiyya ta daɗe tana kallo.

“Hafizu, Baba bai taɓa yin wannan kalar ba, ko a asibiti.”

“Haka ne, Yaya. Mantawa na yi ban kashe saitin yamma ba. Kwamfutar ce ta nuna ɗorawa, hoton lafiyarsa ƙalau.”

Ya kashe saitin gaba ɗaya don kada ya sake kunna kansa da yamma, ya buɗe asalin hoton. Babu abin da ke bukatar gyara. Ya sake wanke guda arba'in, Shamsiyya ta zuba su a jaka, ya raka ta tasha.