Jan Gari a Rumbun Ashafa

Ni Tukur, malamin gona, an san ni da saurin fushi daga Makarfi har Gazara, ban kuma taɓa musu ba. Amma ranar da zan ba ku labarinta, tsoro ne ya fi fushin yawa.

Shekara uku ke nan da samun mulkin kai, aka ba mu katuna shida masu hotuna, na koyar da ajiyar hatsi. Da kaka na ɗaure su a bayan keke na tafi Gazara. Nakan ɗaga kati in yi bayani, in miƙa shi ya zaga hannu-hannu, sannan in ɗauko na gaba. A shanya dawa har ƙwaya ta ce ƙas a haƙori. A share rumbu, a ƙone tsohon buntu, a liƙe tsaga da laka. Kada sabo ya hau kan tsoho. Na biyar ya nuna mutum yana barbaɗa farin garin maganin rumbu tsakanin zangarniya, ɗan kaɗan, bisa awo. Na shida kuwa jan gari ne, maganin iri, da hoton ƙoƙon kan mutum a gefe: wannan na shuka ne kawai, guba ne, ba ya kusantar abin da za a ci.

Ina kan na biyar aka zo aka ce shanun wani sun shiga gonar waken Ashafa, ɗaya daga cikin manoman da ke saurarona. Ya tashi a guje. Na ga tashinsa da idona, na ce a raina zan bi shi gida in ƙarasa masa. Ban bi shi ba. Wannan laifin nawa ne, har gobe ina jin ciwonsa.

Bayan mako uku na koma Gazara in ji yadda ajiyar ta kasance. Na tarar da Ashafa a zaurensa yana tufka igiya, dogon mutum mai ji da kansa, mai iyali tara. Muka gaisa, gida, gona, gajiya. Daga ciki ana ta luguden taɓarya.

"Malam Tukur, aikinka ya yi kyau," in ji shi. "Rumbuna yanzu ko ɓera ya shiga ba ya fitowa da ƙafarsa. Jiya uku na tsinta a gindi."

Na dube shi da kyau. Farin garin nan ƙwari yake kashewa, ba ya kashe ɓera haka.

"Wane magani ka sa, Malam Ashafa?"

"Naku mana. Wanda ka ba mu da shuka ya rage, na ƙaro wasu ƙunshi a kasuwa. Magani ai magani ne. Na ma zuba da yawa, don kada in yi rowa."

"Ja ne?"

"Ja."

"An taɓa ci daga ciki?"

"Jiya tsohuwar dawa ta ƙare. Yau da safe na fitar musu da damin farko. Shi kake ji ana surfawa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ya tsayar da dakan nan yanzu-yanzu, kada kowa ya kai ko ƙwaya baki, kada a ba dabba dusar. Ya dube ni sama da ƙasa kamar wanda ya ga mahaukaci sabon kamu. Na zaro kati na shida na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana kallon ƙoƙon kan nan, sannan ya ɗaga murya ya ce wa matarsa, "Hussaina, ajiye taɓaryar tukuna." Dakan ya tsaya.

Na ce ya bar ni in leƙa rumbun. Nan fa ya murtuke fuska. A ƙasarmu rumbu asirin magidanci ne. Ko matarsa ba ta leƙawa, abin da ya fito da shi ya miƙa mata shi ta sani, balle wani ƙato daga waje. Da Hussaina ce ta jera zangarniyar nan, da tuni hancinta ya gaya mata. Ita kuwa tana ganin ja a jikin dawar ta ɗauka launinta ne.

"Ba wanda ya taɓa ganin cikin rumbuna," in ji shi.

"To yau za a fara, ko kuwa gari ya ga cikin gidanka ana fitar da makara."

Maganar ta yi kaushi, na sani. Amma ya tashi, ya yi mini iso, ya kafa tsani ya ɗage jinkar da kansa. Na leƙa. Wari ya daki hancina. Dawa ce mai kyau wallahi, dami arba'in da wani abu, an jera ta tsaf, kowane hawa an yi masa ja kamar an yayyafa garin barkono.

Na sauko daga tsanin.

"A wanke," ya ce.

"Ba ya fita duka. Ya riga ya kama ƙwayar."

"A surfa sau biyu. Wuta ma ai tana kashe dafi."

"Ba wannan ba. Wani nan take yake kayar da yaro da jijjiga, wani ya taru a jiki a hankali. Kaji ma in sun ci, naman bai ciwuwa. Ka ware abin da zai ishe ka iri, kai da maƙwabta, a ɗaure daban a sa alama. Sauran sai rami, nesa da rijiya."

"Rami? Noman shekara guda? Kai albashi kake ci, shi ya sa bakinka bai yi nauyi ba."

Na haɗiye wannan, don yana da gaskiya. Ya juya yana kallon rumbun, yana murza gemu. Can ya yi ƙasa da murya.

"In na sussuke na sheƙe, jan zai ragu. Kasuwar Makarfi babba ce. In sayar, in sayo wata. Wa zai sani?"

Fushina ya taso. Na buɗe baki zan ambaci hakimi da alƙali, sai Hussaina ta riga ni. Tana tsaye bayan zana tun ɗazu, ba na ganin komai sai ƙafafunta da farin garin surfe a kansu.

"Maigida," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi, "'Yarmu Bilki fa a Makarfi take aure. Mijinta maɗinki ne, ba shi da rumbu. A kasuwar nan suke awo, kuma tana da goyo."

Ashafa ya zauna a kan wani turmi da ke kife, ya riƙe kai da hannu biyu. Na ji tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa. Na ce zan yi magana da mai gari a tara masa abin da ya samu, amma ni da shi mun san damin taimako ba ya kai mutum tara wata kakar.

Da azahar muka fita bayan gari, can kan tudu, da diga da shebur. Ya hana a kira kowa. Ni na haƙa, shi ya yi ta jigilar dami a ka, ya ɗaure hanci da rawaninsa kamar yadda na ce. Da ramin ya kai mini ƙirji na jefo shebur waje na ce ya isa.

Ya ajiye damin da ke kansa, ya zo bakin ramin ya leƙa.

"Ƙara zurfi, malam."

"Ai ko kare ba zai tono wannan ba."

"Ba kare nake tsoro ba," in ji shi. "In damina ta yi tsakiya, yara suka kwana biyu suna kuka, na san inda ramin nan yake. Ƙara zurfi."

Na sa hannu ya miƙo mini shebur ɗin.